Neman wasiƙar shaida daga tsohon shugaba: inda akantoci ke kuskure

Yawancin akantocinmu na Jidda da Makka masu neman aiki a Birtaniya ko Kanada suna fara kuskure tun daga abin da suke roƙa. Sai mutum ya rubuta wa tsohon manajansa, "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da takardar shaida." Manajan ya miƙa maganar ga ofishin kula da ma'aikata, a buga takardar shaidar aiki a aiko. Wannan takarda haƙƙinka ce, sashe na 64 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya wajabta a ba ka ita kyauta idan ka bar aiki. Amma abin da ke cikinta ranar kama aiki ne, da ranar bari, da muƙami, da albashin ƙarshe. Ba ta cewa kai mai amana ne, ba ta cewa lissafinka na fita daidai. Mai ɗaukar akanta kuwa amanar yake son ji daga bakin wanda ya duba littattafanka. Don haka ka fayyace cewa wasiƙa kake so wadda shi da kansa zai sa wa hannu.

Babbar matsalar, a ganina, ita ce barin mutum da ƙwaƙwalwarsa. Wanda kuka rabu shekara huɗu, akantoci nawa suka wuce ta hannunsa? Idan ba ka tuna masa komai ba, zai rubuta cewa kai haziƙi ne mai ladabi, kuma irin wannan wasiƙa kowa yana da ita. Ka ba shi aiki biyu ko uku da kuka yi tare, masu lokaci, waɗanda mutumin waje zai gane nauyinsu. Misali, a watan Yulin 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari; idan kai ka gyara rasidai da lissafin kamfani a lokacin, ka faɗa. Haka idan kai ka shirya kamfanin shiga tsarin rasidin lantarki na ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, da ya fara a Disamba 2021. Rahoton kuɗi bisa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na IFRS ya fi duka amfani, domin ana aiki da su a ƙasashe da yawa. Lissafin zakka kuma sai an yi masa ɗan bayani, don ba kowane ofishi a Landan ya san shi ba.

Sai dai ka kiyaye: kada ka sa ribar kamfani ko sunan abokan cinikinsa a cikin saƙon. Tsohon shugaba da ya ga haka zai yi tunanin yadda kake riƙe sirri, a daidai lokacin da kake so ya yaba amanarka. Ka ce "rufe lissafin wata na rassa uku" ya isa.

Ga yadda saƙon zai iya zama:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya da iyali. Ni ne na yi aiki a ƙarƙashinka a sashen kuɗi daga Maris 2019 zuwa Agusta 2022. Ina neman aikin akanta a wani kamfani a Manchester, sun nemi wasiƙar shaida daga wanda ya duba aikina kai tsaye. Idan kana ganin za ka iya shaidata da kyau, ina roƙon alfarmar shafi ɗaya da Turanci, a takarda mai tambarin kamfani, kafin 20 ga wata. Don tunatarwa, ni na riƙa daidaita lissafin banki da rufe lissafin wata, ni kuma na gyara rasidai lokacin da haraji ya koma kashi 15. Na haɗa tallar aikin da tarihin aikina. Idan lokaci bai ba ka dama ba, babu komai. Allah ya ƙara girma."

Jimlar nan ta "idan kana ganin za ka iya shaidata da kyau" ita mutane suka fi cirewa don tsoron a ƙi su. Kada ka cire. Dattijonmu ba zai ce maka a'a ba saboda kunya, zai dai rubuta layi uku marasa ɗumi, mai karatu kuwa yana gane wannan.

Gaisuwa wajibi ce, amma kada buƙatar ta nutse a cikinta, kuma kada ka aika ta da saƙon murya. Ka gaisa a WhatsApp, ka tura bayanin a rubuce. Ka ba shi mako biyu zuwa uku, ka tuna Juma'a da Asabar hutu ne, lokacin rufe lissafin shekara kuma ba ya da sukuni.

Kafin ya sa hannu, ka roƙe shi ya rubuta sunanka yadda yake a fasfo, harafi da harafi, ya sa kwanan wata na miladiyya da ya dace da na takardar shaidar aikinka. Ya kuma sa imel na kamfani, domin masu ɗaukar aiki sukan rubuto su tabbatar. Idan ya bar kamfanin, kada ya yi amfani da tambarinsa. Ya faɗi muƙamin da ya riƙe a lokacin, ya ba da imel na inda yake aiki yanzu.