Darasi na Bakwai: Garin Kiriyatin da Maganar Ƙoda

A wuraren ɗaga ƙarfe na unguwannin Nima da Mamobi a Akara za ka ga samari da robar wani farin gari da suke kaɗawa a ruwa. Sunansa kiriyatin monohaidiret. Iyaye da yawa suna jin tsoronsa, domin an ce yana lalata ƙoda.

Kiriyatin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Hanta da ƙoda suna haɗa kamar giram 1 a kullum, nama da kifi kuma suna ƙara wani. Kilo guda na naman shanu yana ɗauke da giram 4 zuwa 5. Kusan kashi 95 cikin 100 na kiriyatin ɗin jiki yana ajiye ne a cikin tsoka. Idan mutum ya yunƙura zai ɗaga ƙarfe mai nauyi, ko ya sheƙa a guje a filin ƙwallo, makamashin tsoka yakan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi, kiriyatin ne yake saurin mayar da shi. Saboda haka wanda tsokarsa ta cika da shi yakan iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu kafin hannu ya mutu. Ƙarin aikin nan ne yake gina tsoka. Wanda ya sha ya kwanta a ɗaki kuɗinsa kawai ya ɓata.

Yadda ake sha

Babban mutum mai lafiya giram 3 zuwa 5 ya ishe shi a rana. A auna da ɗan ludayin da ke cikin robar, bayan an karanta giram nawa yake ɗauka, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. A kaɗa a kofin ruwa ko a koko, a sha nan take, kada a bar shi ya kwana a ruwa. Safe ko yamma duk ɗaya ne, abin kula shi ne a riƙa sha kullum, har ranar da ba a motsa jiki ba. Cikin mako 3 zuwa 4 tsoka za ta cika.

Masu gaggawa sukan sha giram 20 a rana na kwana 5 zuwa 7, a raba shi kashi huɗu, sannan su koma giram 5. A ganinmu wannan ba dole ba ne, kuma a nan ake samun murɗar ciki da zawo, musamman idan an haɗiye duka a lokaci guda. Nauyin jiki yakan ƙaru da kilo 1 zuwa 2 a farko. Ruwa ne tsoka ta riƙe, ba kitse ba. Da zafin Akara, a yawaita shan ruwa, a kuma rufe robar gam, don laima tana sa garin ya dunƙule.

Daga ina maganar ƙoda ta fito?

Kullum wani ɗan kaso na kiriyatin yana rikiɗa ya zama datti mai suna kiriyatinin, ƙoda ta tace shi ya fita a fitsari. Likitoci suna auna wannan datti a jini, domin idan ƙoda ta gaza yakan taru. To amma abu biyu ne ke iya sa shi ya hau: ko ƙoda ta kasa fitarwa, ko kuma abin da ake zubawa ya ƙaru. Kamar kwandon shara ne ranar biki, cikarsa ba ta nuna mai kwashewa ya daina aiki.

Mu ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 25 mai kauri, wanda ya yi wata biyu yana shan giram 5. Ya je gwajin jini don neman aiki, sai aka ga kiriyatinin ɗinsa ya ɗan wuce ƙa'ida. Kada ya firgita, kada kuma ya yi watsi da sakamakon. Ya gaya wa likita abin da yake sha, da yawansa, da tun yaushe. Likita zai auna hawan jini, ya duba ko furotin yana fita a fitsari. Yana iya cewa a dakatar da garin na wasu makonni a sake gwaji, ko ya nemi wani gwajin jini na aikin ƙoda mai suna sistatin si, wanda shan kiriyatin ba ya ruɗa shi. Idan waɗannan suka fito lafiya, ƙodar kalau take. Binciken da aka yi a kan masu lafiya, har da wanda ya kai shekara 5, bai nuna illa ga ƙoda ba.

Wannan magana ta masu lafiyar ƙoda ce. Mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini ko ciwon suga, da mai ciki ko shayarwa, da yaron da bai kai shekara 18 ba, kada su fara sai da izinin likita. Hawan jini yana cin ƙoda shiru-shiru, don haka a auna kafin a fara. Muna kuma jan kunnen masu shan magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak kullum bayan atisaye, domin su kam suna iya cutar da ƙoda. Wanda ya ga ƙafa ko fuska ta kumbura, ko fitsari yana kumfa sosai ko ya ragu, ya tafi asibiti. A sayi garin a rufaffiyar roba mai rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana, a guji wanda aka ƙulla a leda.

Aikin aji

1. Roba mai giram 300, ana shan giram 5 a rana. Kwana nawa za ta yi?
2. Wane bayani ya kamata mai shan kiriyatin ya yi wa likita kafin gwajin jini?