Kurakuran da aka fi yi wajen taƙaita doguwar hirar imel da ta cakuɗe

Idan oga ya turo maka jerin imel mai saƙo ashirin da wani abu ya ce "taƙaita min wannan", abin da yake son sani shi ne ina aka kwana, me ya rage ba a warware ba, kuma wa zai yi me. Amma mafi yawan taƙaitawar da nake gani labari ne kawai, wane ya ce kaza sai wance ta mayar masa da kaza, mutum ya gama karantawa bai san ko an tsayar da magana ba ko har yanzu ana ja.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wani ofis na shirya wa ma'aikata horo na kwana biyu, mutum shida ne a cikin hirar: manaja, sakatare, akanta, shugaban sashe, mai horarwa da masu ɗakin taron da za a kama haya. Saƙo 27 a cikin sati uku. Manaja ta yi tafiya ta dawo, ta ce wa sakatare ya haɗa mata bayani kafin mitin.

Kuskuren farko shi ne mutum ya buɗe saƙon ƙarshe, ya gangara ƙasa yana karanta tsofaffin da ke manne a jikinsa, ya ɗauka ya ga komai. Toh ba haka abin yake ba, don abin da ke manne a ƙasan saƙo reshe ɗaya ne kawai, wato saƙon da aka amsa da waɗanda suka gabace shi. Idan mutum biyu suka amsa saƙo ɗaya a lokaci guda hirar ta rabu gida biyu kenan, kuma duk wanda ya danna Reply maimakon Reply All amsarsa ta tafi wajen mutum ɗaya tak. A misalinmu masu ɗakin taro sakatare kaɗai suka amsa wa, suka ce ɗakin ranar 19 ga Mayu babu kowa amma ranar 20 wasu sun riga sun kama, sauran mutum huɗun nan ba wanda ya ga wannan saƙo, suna ta tsara horo na 19 da 20 hankali kwance. Gyaran shi ne kafin ka rubuta ko kalma ɗaya ka nemo duk saƙonnin, ka bincika da sunan kowane mutum da kuma kalmar maganar, ka leƙa Sent ɗinka ma. A Gmail idan wani ya canza layin Subject hirar takan tsinke ta zama sabuwa, haka ma idan ta wuce saƙo 100, don haka rabin maganar na iya kasancewa a wani wuri daban. Sannan ka karanta daga na farko zuwa na ƙarshe bisa kwanan wata, kana rubuta layi ɗaya a takarda a kan kowane saƙo da ya canza wani abu. Saƙonnin "na gode" da "na gani" ka tsallake su.

Akwai kuma amsar da ake cusawa a tsakiyar tsohon saƙo. Wasu sukan rubuta "ga amsata a ƙasa" sai su bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya suna amsawa a ƙarƙashin kowace, wani lokaci da jan rubutu wani lokaci ma ba launi, kuma Gmail na naɗe tsohon rubutu a bayan ɗigo uku ɗin nan, in ba ka danna ba ba za ka ga abin da ke ciki ba. Idan saƙo ya yi nauyi sosai kuma sai ka ga an yanke shi an sa [Message clipped] a ƙasa, dole ka danna View entire message. A nan akanta ya ɓoye tasa maganar, cewa kuɗin kwana na biyu ba zai fita ba sai mai horarwa ya kawo takardar farashi.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne ɓarna, kuma shi ne ya fi ci min rai: mayar da shawara ta zama hukunci. Mai horarwa ya rubuta cewa 12 ga Mayu ba zai samu dama ba, ko za a iya komawa 19 da 20? Shugaban sashe ya amsa "ni dai ta yi min". Shikenan ba wanda ya ƙara cewa uffan a kan ranar. Sai mai taƙaitawa ya rubuta "an ɗage horon zuwa 19 da 20 ga Mayu". Wa ya ɗage? Mutum ɗaya ya kawo shawara, mutum ɗaya ya ce ta yi masa, wadda ke da ikon yanke hukunci ba ta ma gari. Haɗarin shi ne da zarar magana ta shiga taƙaitawa a haka ta zama gaskiya a wajen kowa, don ba mai komawa ya tona saƙo 27, kuma ita manaja za ta ɗauka an gama magana tun tana can, sai ranar da ma'aikata suka hallara a ƙofar ɗakin da wasu suka kama a gane cewa gini aka yi a kan rairayi.

Yadda za ka gane kuwa, duk jimlar da ka fara da "an amince", "an yanke" ko "an tsayar", ka tsaya ka tambayi kanka abu biyu: wa ya faɗa, a wane saƙo? Kuma shi ne ke da hurumin faɗa? In ba za ka iya ɗora yatsa a kan saƙon ba to maganar ba ta cikin abin da aka yanke, gidanta wajen tambayoyin da suka rage. Shirun mutum a imel ba yarda ba ce, ƙila bai buɗe ba, ƙila yana CC ne ya ɗauka ba da shi ake ba. Wannan "an" ɗin kuwa ka yi hattara da ita sosai, tana ɓoye mai aikin, gara ka rubuta "shugaban sashe ya amince, manaja ba ta yi magana ba tukuna".

Ita taƙaitawar gida uku za ka raba ta: asalin magana, tambayoyin da suka rage da matakai na gaba. Ɓangaren asalin magana matsalarsa tsawo. Jimla uku ko huɗu sun isa: me ake son yi, me ya canza, ina ake yanzu. Kuma adadin da za ka sa na ƙarshe ne. An fara da mutum 30, a saƙo na 18 shugaban sashe ya ƙara sunaye suka zama 42, in ka kwafo 30 daga saƙon farko ka ɓatar da mai karatu, in ka sa 42 ka faɗi cewa da 30 ne saboda duk lissafin da aka yi a baya a kan 30 aka yi shi.

Tambayoyin da suka rage kuma ba iya masu alamar tambaya ba ne. Wasu ba wanda ya yi su a hirar, sai ka jera saƙo biyu kusa da juna za su fito. Masu ɗaki sun faɗa tun a saƙo na 4 cewa kujera 35 gare su, mahalarta sun zama 42 a saƙo na 18, tsakanin saƙonnin kwana goma, ba wanda ya haɗa su. Wannan shi ne aikin da mai taƙaitawa ke yi wanda ba wanda ya yi a cikin hirar. Kuma kar ka rubuta "maganar ɗaki" kawai ka wuce, ka rubuta ta a matsayin tambayar da za a amsa da eh ko a'a ko a zaɓi ɗaya, tare da wanda ake jira ya amsa.

Sai matakai na gaba, inda ake yawan ganin "za a tuntuɓi masu ɗaki" ko "a bi diddigi nan ba da jimawa ba". Kowane mataki na buƙatar mutum ɗaya, aiki ɗaya da rana. Mutum ɗaya fa, in ka sa sunan mutum biyu kowa zai jira ɗan'uwansa. Ranar kuma ka rubuta ta da sunan wata, don "gobe" ɗin da ke cikin saƙon sati biyu da suka wuce ta daɗe da wucewa, kuma 03/04 wani zai karanta 3 ga Afrilu wani 4 ga Maris. Inda ba wanda ya ɗauki aikin kar ka liƙa wa wani kamar shi ya yi alkawari, ka ce shawararka ce.

Ga yadda ta misalinmu za ta fito:

Ranki ya daɗe, abu biyu ke jiran hukuncinki kafin 6 ga Mayu: ranar horo da ɗakin taro.

Asalin magana: An shirya horon kwana biyu ranar 12 da 13 ga Mayu. Mai horarwa ba zai samu 12 ba, ya kawo shawarar 19 da 20. Shugaban sashe ya yarda, saura ke. Mahalarta yanzu 42 ne, da 30.

Abin da ba a warware ba: Ɗakin babu kowa ranar 19 amma an kama 20 (ni kaɗai suka rubuto wa, na haɗa saƙon), shin a nemi wani ɗaki ko a canza rana? Kujerunsu 35 ne mu kuma 42, a rage mutane ko a canza wuri? Kuɗin kwana na biyu akanta bai sake shi ba, yana jiran takardar farashi.

Matakai: Mai horarwa ya yi alkawarin turo wa akanta takardar farashi ranar 2 ga Mayu. Ni zan nemo ɗakuna biyu masu ɗaukar mutum 42 zuwa 5 ga Mayu. Sanar da ma'aikata ba wanda ya ɗauka, shawarata shugaban sashe ya yi bayan kin tsayar da rana.

Ka lura abin da ake nema daga manaja shi ne a sama, ko a waya ta buɗe tana tafiya layin farko ya gaya mata aikinta.

Sauran kurakuran wajen turawa ne. Reply ba ya tafiya da fayil ɗin da aka maƙala a tsohon saƙo, Forward ne ke tafiya da shi, don haka in ka ce "ga jadawalin" ka tabbatar ka sake maƙala shi, kuma na ƙarshen, don sau da yawa akwai kwafi uku masu suna kusan iri ɗaya. Shi kuma Forward da duk tarihin yake tafiya, har da inda akanta ya yi ƙorafi a kan farashin mai horarwa, in mai horarwan na cikin waɗanda za ka tura wa to ka buɗe sabon saƙo ka rubuta taƙaitawar a ciki. Shi ma ɓacin ran da aka yi a hirar ba ya shiga, ka ɗauko matsayar mutum ka bar zafin. Ka sa kwanan watan da ka rubuta da saƙon ƙarshe da ka karanta, saboda hirar za ta ci gaba bayanka, sannan ka roƙi duk wanda ka ambata da wani aiki ya duba layinsa ya gyara in ka yi masa ƙari, musamman mai horarwa, tunda a kan takardarsa ta ranar 2 ga Mayu kuɗin kwana na biyu ya rataya.