Babi na Shida: Raba Dogon Rubutun Darasi Zuwa Gajerun Bidiyo

Wanda ya ci karo da gajeren bidiyonka a waya bai ga na baya ba, kuma ba lallai ya ga na gaba ba. Saboda haka kowane yanki sai ya tsaya da ƙafarsa. Za mu gwada da rubutun koyar da haɗa kunun aya, mai tsawon minti goma.

Kafin ka taɓa komai, karanta rubutun da ƙarfi kana duba agogo, domin ka san kalma nawa kake furtawa a minti ɗaya. A ce ka samu 120. Rubutun minti goma ya kama kalma 1,200 ke nan. YouTube ta kai iyakar gajerun bidiyonta zuwa minti uku a shekarar 2024, amma ba dole ka cinye minti ukun ba. Mu ɗauki minti ɗaya da rabi, wato kalma 180.

Inda ake yanka

Kada ka yanka da agogo. Wanda ya datse bidiyo duk bayan minti biyu zai tarar da wani yanki ya ƙare ana tsakiyar zuba ruwa a injin markaɗe. A yanka inda aiki ɗaya ya kammala, har akwai abin da za a nuna wa ido. Ɗauki biro ka ja layi a waɗannan wurare. A kunun aya layukan za su ba ka yanki huɗu: tsincewa da jiƙa aya, markaɗe, tacewa, sai ajiya.

Cikin kalma 180, ware 15 na buɗewa, 15 na rufewa, saura 150 na ainihin aikin. Yanki huɗu sun ci kalma 600 kacal daga tsohon rubutun. Rabi ya tafi ke nan, kuma yawancinsa gaisuwa ce da maimaici da tarihin yadda aka koyi sana'ar. Kada ka ji ƙyashin zubar da shi.

Buɗewa

A nan aka fi yin kuskure. Dogon darasi yana ɗaukar sallama da gabatar da kai da godiya ga masu kallo, amma gajere ba ya ɗauka. Yi sallama a taƙaice, ka faɗi matsalar da yankin zai warware. Dubi yadda sashen tacewa yake a tsohon rubutu:

"To yanzu da muka gama wancan, sai mu ɗauko shi mu zuba kamar yadda na faɗa ɗazu."

Baƙon mai kallo bai san mene ne "wancan" ba, bai san "shi" ba, kuma ba ya nan "ɗazu". Ga gyaran:

"Kunun ayarki yana fitowa da dusa-dusa a baki? Ga markaɗaɗɗiyar aya gwangwani huɗu, bari mu tace."

Ka lura an ambaci sunan abin, an maimaita awo, an nuna inda aiki ya tsaya. Bi rubutun layi-layi ka zagaye duk wani "ɗazu", "wancan", "a baya" da "nan gaba za mu gani", ka sa sunan abin a gurbinsu. Gargaɗi ma haka. Idan batun wanke aya har tsakuwa ta fita yana yanki na ɗaya kaɗai, wadda ta fara da na biyu za ta kai tsakuwa injin. Maimaita shi da jimla ɗaya a farkon markaɗe.

Rufewa

Nuna sakamakon kusa da kyamara: ƙyallen tata da busasshiyar dusa a ciki, farin kunu a roba. Sannan ka faɗi abu ɗaya da ke gaba: "Na gaba, yadda za a ajiye shi kada ya yi tsami." Kada ka riƙe ƙarshen aikin don a nemi kashi na biyu, domin sau da yawa yanki ɗaya ne ake turawa a WhatsApp, sauran ba sa biyo shi.

Wajen ɗauka

Sabbin buɗewa da rufewa sai an sake ɗaukarsu. Yi su duka a zama ɗaya, da tufafi ɗaya, a wuri ɗaya, in ba haka ba haske da murya za su bambanta a tsakiyar yanki. Idan tsohon bidiyon a kwance aka ɗauka, 16:9, mayar da shi tsaye, 9:16, yana yanke gefe biyu, har hannun mai tacewa ya iya fita daga hoto. Duba kowane yanki bayan yankan. Rubutun awo kuma a sa shi wajen tsakiya, saboda maɓallan manhaja suna rufe ƙasan allo da gefen dama.

Aikin gwaji

Ɗauki yanki na uku kaɗai ka karanta wa wanda bai san sauran ba. Duk inda ya ce "wanne?" ko "nawa?", sa alama, ka gyara, ka sake karanta masa da agogo a hannu.