Pearson ko Spearman: kurakuran da na gaji da gyarawa

Yawancin ayyukan masu koyon bincike da ake kawo mini in duba, a wuri ɗaya suke tuntuɓe. An raba takardar tambayoyi, amsoshi daga 1 zuwa 5, sai a zuba su a na'ura a danna Pearson, a rubuta abin da ya fito. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko wane irin lambobi ne a hannunsa.

Ma'aunin Karl Pearson yana auna yadda abu biyu suke tafiya tare a kan miƙaƙƙen layi, kuma yana ɗaukar tazarar da ke tsakanin lambobi da gaske; in sakamakonsa ya kusanci 1, abubuwan biyu suna hawa tare sosai, in ya kusanci sifili kuma babu irin wannan alaƙa. Wanda Charles Spearman ya kawo a 1904 kuwa ba ruwansa da tazara. Jera kowane abu yake yi, na ɗaya, na biyu, na uku, sannan ya duba ko jerin biyun sun dace.

Ga misali. Mutum biyar sun jira a layi na minti 5, 10, 15, 20 da 120. Aka tambaye su yawan ɓacin ransu, suka ba da 1, 2, 3, 4 da 5. Pearson zai ba ka 0.78, Spearman ya ba ka 1, domin duk wanda ya fi daɗewa ya fi fushi. To yanzu canza lambar "na fusata ƙwarai" daga 5 zuwa 10. Ba amsar da ta sauya, amma Pearson ya haura zuwa 0.98, Spearman yana nan a 1. Wa ya ce maka tazarar "ba komai" da "na ɗan damu" daidai take da ta "na damu" da "na fusata"? Kai ka laƙa wa amsoshin lambobi, masu amsa ba su auna komai ba. Na taɓa ganin wannan ya ci mana babi guda a wani aikin haɗin gwiwa: aka sake lambobin amsoshi, sakamako ya sauya, dole muka sake lissafi da sharhi tun daga tushe. Tun daga nan, in dai ɗaya daga cikin abu biyun mataki-mataki ne, kamar matakin karatu ko matakin tsananin ciwo, da Spearman nake farawa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don masu yin sa sun riga sun kama hanya. Sun haddace wannan gajeriyar hanyar lissafin Spearman, inda d ke nufin bambancin matsayin mutum a jerin biyun, n kuma yawan mutanen:

```
ρ = 1 − 6Σd² / (n(n² − 1))
```

Wannan gajeriyar hanya tana aiki daidai ne kawai idan babu kunnen doki a jerin. Alhali in mutum ɗari biyu suka amsa tambaya mai zaɓi biyar, kunnen doki ne ko'ina! Koma ga mutanen nan biyar, a ce amsoshinsu 3, 3, 3, 3 da 5 ne. Huɗun farko sun raba matsayi na 1 zuwa na 4, saboda haka kowa ya sami 2.5. Gajeriyar hanya za ta ba ka 0.75, amsar gaskiya kuwa 0.71 ce. Gyaran shi ne ka ba masu kunnen doki matsakaicin matsayinsu, sannan ka yi lissafin Pearson a kan matsayin. A Excel, RANK.AVG za ka yi amfani da shi kafin CORREL. RANK.EQ zai ba masu kunnen doki matsayi iri ɗaya ba tare da ɗaukar matsakaici ba, yana kuma iya ɓata maka aiki. A manhajar R layi ɗaya ne:

```
cor(x, y, method = "spearman")
```

Ni dai in kunnen doki ya yi yawa, nakan ƙara da ma'aunin tau-b na Maurice Kendall. Yakan fito ƙasa da na Spearman, kada hakan ya tayar maka da hankali, sikelinsu ne ya bambanta.

Akwai kuma masu gudun Pearson gaba ɗaya don tsoro. Haba! In tsayi da nauyi kake aunawa, ka zana kowane mutum a matsayin ɗigo a jadawali, ɗigogin suka bi miƙaƙƙen layi, kuma babu wani da ya yi nisa shi kaɗai, Pearson ne naka. Mayar da su jeri zubar da bayani ne.

Kada ka laƙa wa jinsi ko nau'in sana'a lambobi ka nemi Spearman, domin babu na sama da na ƙasa a cikinsu. Idan kuma alaƙar ta hau ta sake sauka, ma'aunan biyu duka za su iya nuna kusan sifili alhali alaƙa tana nan da ƙarfinta. Shi ya sa ba na karɓar lamba daga kowa sai na ga zanen ɗigogin. Francis Anscombe ya nuna dalili a 1973: rukunin bayanai huɗu, duka Pearson ɗinsu kusan 0.82, amma ɗaya layi ne, ɗaya lanƙwasa, sauran biyun kuma ɗigo guda ne ya juya lissafin.