Babi na Bakwai: Buhu, Kilo da Tan a Jeri Ɗaya

Yau da kullum ƙungiyoyin manoma suna aika wa juna hoton shafin littafin sito, wanda aka ɗauka da na'urar kwafe takarda ko da wayar hannu, sai a ce wa magatakarda ya kwafe shi, ya fitar da jimilla. Wahalar da ke cikin wannan aiki ita ce, sau da yawa ba hannu ɗaya ne ya cike shafin ba. Wanda ya karɓi kaya a bakin sito ya ƙirga buhuna, wanda yake tsaye a kan sikeli ya rubuta kilo, wanda ya kwafo daga takardar mai mota kuwa ya rubuta tan, kuma dukansu sun zuba lambobinsu a jeri guda, daga sama zuwa ƙasa.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Shafi ne na masarar da wata ƙungiya ta karɓa cikin mako ɗaya, kuma a ƙarƙashin kalmar "Adadi" ga abin da ake iya karantawa:

Layi na 1: buhu 12
Layi na 2: 350 kg
Layi na 3: 1.5 t
Layi na 4: buhu 8
Layi na 5: 40
Layi na 6: 0.75 t

Wanda ya tara waɗannan lambobi yadda suke zai sami 412.25, lambar da ba buhu ba ce, ba kilo ba ce, ba kuma tan ba ce. Saboda haka ba a fara tarawa sai an mai da kowane layi zuwa ma'auni ɗaya, kuma kilo ya fi dacewa, domin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, lissafinsa ninkawa ne kawai, babu rabawa.

Kafin a taɓa lissafi, sai a kwafe jerin daidai yadda yake a hoton, ba gyara ba ƙari, sa'an nan a ja sabon jeri a gefensa, a rubuta "Kilo" a samansa. Kada a goge na asali, domin shi ne shaidar da za a koma gare ta ranar da wani ya ce ba haka ya kawo ba.

Tan ba shi da gardama: tan ɗaya kilo 1,000 ne. Tan 1.5 na layi na 3 ya zama kilo 1,500, tan 0.75 na layi na 6 ya zama kilo 750, layi na 2 kuma yana nan a kilo 350. Sai dai a nan ne hoto ya fi yaudarar ido, domin ɗigon da ke tsakanin 1 da 5 ƙarami ne, idan biron ya yi rauni ko takardar ta lanƙwashe a wurin, yana iya ɓacewa, a karanta tan 15 a maimakon tan ɗaya da rabi. Wannan kuskure kaɗai zai ƙara kilo 13,500 da babu su a sito. Haka nan ƙaramin harafin t da aka rubuta da gaggawa yakan yi kama da 1 ko 7, wutsiyar g ta cikin kg kuma takan yi kama da 9. A buɗe hoton ya yi girma, a duba kowane layi a tsanake. Idan takardar daga Jamhuriyar Nijar ta fito, a tuna cewa a can waƙafi ake sa wa a wurin ɗigo, wato 1,5 t na nufin tan ɗaya da rabi.

Buhu shi ne inda aikin yake da nauyi, domin buhu mazubi ne, nauyinsa ya danganta da girmansa da abin da aka zuba a ciki da kuma yadda aka cika shi. Buhun takin zamani da na siminti kilo 50 ne, kuma a rubuce yake a jikinsu. Babban buhun masara na kasuwannin Arewa kuwa akan ɗauke shi a kan kilo 100, amma ba kamfani ne ya cika shi ba, tiya ce ta cika shi, don haka wani yakan gaza, wani ya ɗan haura, musamman idan masarar ba ta gama bushewa ba. Bai kamata magatakarda ya yi zato ba. Ya tambayi mai kula da sito wane buhu suke amfani da shi, in da hali kuma ya ɗora guda biyar a sikeli. A misalinmu, mai sito ya ce babban buhu ne, kuma biyar ɗin da aka auna sun ba da 98, 101, 97, 99 da 100, wanda idan aka tara aka raba biyar ya kama 99. Tun da ƙungiyar ta saba lissafi a kan 100, da shi za mu yi aiki, amma ba za mu ɓoye 99 ɗin ba. Buhu 12 ya zama kilo 1,200, buhu 8 ya zama kilo 800.

Saura layi na 5, mai lamba 40 ba tare da ma'auni ba. Idan kilo ne, jimillar shafin za ta kama 4,640, idan kuma buhu ne, za ta kama 8,600, bambancin da ya kusa ninki biyu. A fara duba ko akwai alamar maimaitawa, wato 'yan zane biyu a ƙarƙashin kalmar buhu ta layin sama, domin irin wannan alama takan dushe a hoto. Idan ba ta fito ba, a duba jerin kuɗin da aka biya. A shafinmu, kuɗin layi na 5 ya ninka na layi na 4 sau biyar, kuma 8 sau 5 shi ne 40, ashe buhu ne, wato kilo 4,000. Da babu jerin kuɗi, kuma ba a sami wanda ya rubuta ba, abin da ya dace shi ne a bar gurbin a buɗe, a fitar da jimillar sauran layuka biyar, wato kilo 4,600, a kuma faɗi cewa layi ɗaya bai shiga ba.

Yanzu sai a tara: 1,200 da 350 da 1,500 da 800 da 4,000 da 750 sun kama kilo 8,600, wato tan 8.6, ko kimanin buhu 86. Wannan lamba ta ƙarshe tana da amfani, domin mai sito yana iya shiga ya ƙirga ya ga ko abin da ke jibge ya yi kusa da haka.

Abin da ya rage shi ne ɗan bayani a ƙasan shafin, wanda in babu shi ma'aji ba zai san daga ina 1,200 ta fito ba. Ga yadda za a rubuta shi: "An mai da dukkan adadi zuwa kilo. Tan 1 daidai yake da kilo 1,000. An lissafa buhun masara a kan kilo 100 bisa faɗar mai sito, amma buhu biyar da aka auna sun ba da matsakaicin kilo 99, saboda haka a buhu 60 na layuka na 1, 4 da 5 jimillar tana iya gazawa da kimanin kilo 60. Layi na 5 ba shi da ma'auni a hoton, an ɗauke shi a matsayin buhu bisa kuɗin da aka biya." Daga nan magatakarda ya sa hannu da kwanan wata.

Aikin gida: wani shafin takin zamani yana ɗauke da buhu 30, da 2.5 t, da 400 kg. Ku mai da su kilo, ku fitar da jimilla, ku rubuta bayanin da za a sa a ƙasa, ku ambaci nauyin buhun da kuka yi amfani da shi da kuma inda kuka samo shi.