Nawa mota za ta ci maka a shekara biyar a Legas?

Da farko, rubuta farashin saye. A misali, ka sayi tokumbo a miliyan 10, bayan shekara biyar za ta sayu a miliyan 6. Faɗuwar daraja miliyan 4 ke nan, kuma nan ne mutane suka fi mantawa, don ba kuɗi ne da ake zarowa daga aljihu ba.

Sannan tayoyi: saiti biyu, a ce dubu 600. Sabis kuwa, kada ka lissafa da kilomita kawai, domin cunkoson Oshodi yana cin man inji ko mota na tsaye. Sa dubu 200 a shekara, miliyan 1 ke nan. Inshora mafi ƙaranci dubu 15 ce a shekara, wato dubu 75.

Haɗa duka: naira 5,675,000, ban da fetur.