Kurakuran da aka fi yi wajen neman kuɗin aiki daga kwastoman ƙasar waje

Mai aikin fassara ko zane da ke zaune a Kano, wanda ya kammala aikin dala 1,200 ga wani kamfani na Jamus, ya aika takardar neman biya mai wa'adin kwana 30, yanzu ga shi kwana 40 sun wuce babu alat, yakan zauna ya rubuta wasiƙa cikin damuwa, kuma a wannan wasiƙar ne yawancin kurakuran suke farawa. Wanda aka fi yi shi ne a rubuta wasiƙar da babu komai cikinta sai gaisuwa da kewaye-kewaye, a ƙarshe a ce ana fata ba a manta da maganar kuɗin ba. Kara da kunya suna da muhallinsu a tsakaninmu, amma wannan wasiƙar galibi ba ta tsayawa a hannun wanda ya ba da aikin, tura ta yake yi ga akantan kamfanin, wanda bai san marubucin ba, kuma da lamba yake bincike. Saboda haka dole ne layin farko ya ƙunshi lambar takardar neman biyan, da ranar da aka aika ta, da adadin kuɗin tare da nau'insa, da ranar da wa'adin ya cika, sannan a sake liƙa takardar a jikin saƙon. Kwanan wata kuwa a rubuta sunan watan da haruffa, domin 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bature na Jamus ko Ingila kuwa 3 ga Afrilu ne.

Kishiyar wannan kuskuren shi ne zargi tun kafin a san inda kuɗin ya tsaya. Kuɗin da ya makara ko dai ba a aiko shi ba, ko an aiko ya maƙale a hanya, kuma tambaya ɗaya ce take raba gardama: shin an riga an tura, kuma idan an tura, a wace rana? Idan amsar ita ce an tura, kada a gamsu da hoton allon wayar da ke nuna cewa kuɗin ya fita daga asusunsu, domin wannan hoton ba ya amfanar bankin da ke Kano da komai. Abin da za a roƙa shi ne kwafin saƙon SWIFT ɗin kansa, wato saƙon da bankuna suke aika wa juna wajen tura kuɗi daga ƙasa zuwa ƙasa, wanda ma'aikatan banki suka saba kira MT103, ko da yake tun Nuwamban 2025 bankuna sun koma sabon tsarin da ake kira pacs.008. A cikin saƙon akwai lambar bibiya mai suna UETR, mai haruffa da alƙaluma 36, wadda da ita banki yake iya ganin bankin da kuɗin ya tsaya a hannunsa. Wanda ya shiga banki da wannan lambar ana iya yi masa bincike a ranar, wanda kuwa ya je da baki kawai za a ce masa ya koma ya jira.

Sau da yawa, idan aka duba saƙon, sai a tarar laifin daga bayanan da mai neman biyan ya bayar ne. Wasu suna ba da lambar asusun naira alhali da dala aka yi ciniki, sai kuɗin ya koma ko kuma a canja shi a farashin bankin. Wasu suna rubuta sunan da aka san su da shi a wurin aiki, misali Abba Zane, alhali sunan da ke kan asusun cikakke ne mai sassa uku, kuma saɓanin suna kaɗai ya isa a tsare kuɗi ko a mayar da shi, tare da cire caji a tafiya da dawowa. Kwastoman Turai kuma yakan nace sai an ba shi IBAN, wato lambar asusu ta tsarin ƙasa da ƙasa, domin da shi ya saba, sai mai aikin ya rikice. Amsar da za a ba shi ita ce Nijeriya ba ta amfani da IBAN, lambar asusu mai alƙaluma 10 ce tare da lambar SWIFT ta bankin, mai haruffa 8 ko 11. Abin da aka fi mantawa shi ne banki mai shiga tsakani, wato bankin da dala take ratsawa, galibi a New York, kafin ta iso gida. Wannan bayanin ana karɓarsa ne a rubuce daga bankin da ke riƙe da asusun, kuma na dala daban ne da na yuro ko na fam. Idan har ya zama dole a sauya asusu, kada a wadatu da imel, a haɗa da kiran waya, domin saƙon da ke cewa a biya a sabon asusu shi ne ainihin salon 'yan damfara, kuma akanta mai hankali zai dakatar da biyan har ya tabbatar.

Sai maganar caji, wadda ita ce ta fi haddasa ɓacin rai. A ɗauka kuɗin ya iso a ƙarshe, amma dala 1,165 aka gani maimakon 1,200. Da yawa sukan rubuta wa kwastoman cewa ya rage musu haƙƙi, shi kuma ya aiko da shaidar cewa ya biya cif-cif, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Duk mai aika kuɗi ta SWIFT yana zaɓar ɗaya daga cikin lambobi uku. OUR na nufin mai aikawa ya ɗauki dukkan cajin, BEN na nufin a cire komai daga kuɗin mai karɓa, SHA kuwa na nufin mai aikawa ya biya bankinsa kawai, sauran cajin hanya su hau kan mai karɓa. A sabon tsarin sunayensu DEBT da CRED da SHAR. Idan ba a ce komai ba, SHA aka saba zaɓa, ballantana a Turai inda shi ne ƙa'ida a biyan da ke tsakanin ƙasashensu, don haka akantan Jamus ba da mugun nufi ya zaɓe shi ba. Dala 35 ɗin da ta ɓace a misalinmu ta tafi ne ga bankin tsakani, wataƙila da wani kaso ga bankin gida, kuma takardar bayanin shigar kuɗin da bankin gida zai bayar ita ce za ta nuna nawa ya iso hannunsa da nawa ya cire.

Ainihin kuskuren an yi shi ne tun ranar ciniki, lokacin da ba a rubuta wanda zai ɗauki cajin ba. Gyaransa jimla ɗaya ce a yarjejeniya da kuma ƙasan kowace takardar neman biya, cewa mai biya ne zai ɗauki cajin bankinsa da na bankunan tsakani, kuma a zaɓi OUR. A ganina bai dace a ɗora masa har da cajin bankin gida ba, tunda ba shi ya zaɓi bankin ba. Ya kamata kuma a sani cewa ko da OUR ɗin, dalar da ta ratsa Amurka takan iso da ɗan giɓi wani lokaci, shi ya sa ya fi tsaro a ƙara da cewa adadin da ke kan takardar shi ne zai iso asusu.

Idan ba a yi wannan yarjejeniyar ba tun farko, ba a da hujjar tilasta wa kwastoma cika dala 35 ɗin, roƙo ne kawai. Kuma kada a nemi ya turo ta ita kaɗai, domin cajin hanya zai iya cinye ta gaba ɗaya kafin ta iso. Abin da ya fi dacewa shi ne a gode masa da biyan, a nuna masa adadin da ya iso da takardar banki a liƙe, a nemi izinin sanya giɓin a matsayin layi na daban a takardar neman biya ta gaba, sannan a cikin wannan saƙon a nemi amincewarsa a rubuce cewa daga yanzu OUR za a riƙa zaɓa.